Poisson, kwasi-Poisson ko nagatif bainomiyal: wanne ya dace da bayananka na ƙirge?

A ƙarshen daminar bara wata ɗaliba mai karatun digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma ta same ni da kwamfutarta. Ta tattara adadin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da gwaji ya tabbatar suna da zazzaɓin cizon sauro, wata bayan wata, daga ƙananan asibitocin wasu ƙananan hukumomi na jihar Sakkwato. Wasu asibitocin suna kusa da fadamar gulbin Rima, wasu a kan tudu, wasu a cikin gari. Ta yi rigireshan na Poisson, kuma duk abin da ta saka a lissafin ya fito da darajar p ƙasa da 0.001: fadama, damina, rabon gidan sauro, har da abubuwan da ita kanta ba ta zaci suna da wani tasiri ba. Ta zo da murna, amma a ƙasan murnar akwai shakka, domin ta ce mini, "Malam, anya wanga sakamako bai yi kyau da yawa ba?"

Shakkarta tana kan hanya. Duk lokacin da na ga Poisson ya ba kowane abu tauraro uku, wato alamar darajar p ƙasa da 0.001, abin da nake fara dubawa shi ne warwatsuwar bayanan, kafin in karanta ko layi ɗaya na sakamakon. Ba zan kawo alƙalumanta a nan ba, domin nata ne. Zan yi amfani da bayanan da na nuna mata a ranar, waɗanda ke zaune cikin manhajar R tun daga lokacin da aka sauke ta, don kowa ya iya maimaita lissafin ya ga lambobin da idonsa.

Rigireshan na Poisson an yi shi ne don abin da ake ƙirgawa: marasa lafiya nawa a wata, kaska nawa a jikin saniya, 'ya'ya nawa akuya ta haifa, haɗari nawa a kan hanyar Sakkwato zuwa Illela. Lambobi ne cikakku, ba sa sauka ƙasa da sifili. Tsarin yana ɗaukar logaritim na matsakaicin ƙirgen ya danganta shi da abubuwan da kake zargi, shi ya sa idan ka juya sakamakon da `exp()` kake samun ninki: wannan rukuni yana da ninki kaza na wancan. Wannan ɓangaren yana da ƙarfi, kuma ko da bayananka ba su bi Poisson sak ba, ninkin da ya ba ka yakan tsaya kusa da gaskiya muddin ka fasalta matsakaicin daidai. Matsalar tana wani wuri. Poisson yana ɗauka cewa warwatsuwa, wato abin da R ke kira `var`, daidai take da matsakaici. Idan ana sa ran mutum 25 a wata, warwatsuwa 25 ce, tushenta 5, don haka yawancin watanni za su faɗo tsakanin 15 da 35. Ba shi da wata ƙofa ta daban da zai auna warwatsuwar daga bayananka. Da ya san matsakaici, ya riga ya yanke hukunci a kanta.

Wannan sharaɗi yana cika ne idan kowane abu yana faruwa shi kaɗai, ba ruwansa da ɗan'uwansa, kuma haɗarin iri ɗaya ne ga kowa a cikin rukunin. Zazzaɓi ba haka yake zuwa ba. Gida ɗaya kusa da kududdufi zai kawo yara huɗu a mako guda. A garke ɗaya na gudali za ka tarar da shanu da yawa ba su da kaska ko ɗaya ko suna da 'yan kaɗan, sannan biyu ko uku sun kwashe mafi yawa. Abubuwa suna zuwa a dunƙule, kuma akwai bambancin da ba ka auna ba tsakanin gari da gari. Sakamakon shi ne warwatsuwar ta wuce kimar da Poisson ya yanka mata, abin da masu fannin ke kira obadisfashan.

Bayanan da na buɗe mata sunansu `warpbreaks`, daga masaƙa suke. An ƙirga sau nawa zaren tsaye ya tsinke a cikin wani ƙayyadadden tsawon saƙa. Ulu iri biyu ne, A da B, ɗaurin zare mataki uku, sako-sako da matsakaici da tamau, kuma kowane haɗi an gwada shi sau tara, jimilla 54. Tambayar ita ce ko ulun B ya fi A ƙarko.

```r
m1 <- glm(breaks ~ wool + tension, family = poisson, data = warpbreaks)
summary(m1)
sum(residuals(m1, type = "pearson")^2) / df.residual(m1)
```

A layin `woolB` za ka ga −0.206, da `Std. Error` 0.052, darajar p kuwa 0.00006. Idan ka juya −0.206 ya zama 0.81, ma'ana ulun B yana tsinkewa ƙasa da A da kusan kashi 19 cikin ɗari, tazarar amincewa daga 0.74 zuwa 0.90. Wanda ya tsaya nan zai rubuta cewa magana ta ƙare, B ya fi.

Sai ka sauko ƙasan shafin. An rubuta `Residual deviance: 210.39 on 50 degrees of freedom`. In da Poisson ya dace, lambobin nan biyu za su yi kusa da juna. A nan ta farko ta ninka ta biyu fiye da sau huɗu. Layi na uku na umarnin da ke sama shi ne awon Pearson, wanda na fi yarda da shi. Yana ɗaukar tazarar kowane ƙirge daga abin da tsarin ya yi hasashe, ya raba ta da tushen hasashen, ya ninka ta a kanta, ya tara duka, sannan ya raba da 50, wato samfura 54 a cire abubuwa huɗu da aka ƙiyasta. Jimillar ta kai kusan 213, amsar kuma 4.26. Wannan lamba ita ake kira φ. Idan ta yi kusa da 1, Poisson ya zauna. A nan tana cewa warwatsuwar gaskiya ta ninka wadda Poisson ya ɗauka sau huɗu da ɗoriya, kuma tun da mizanin kuskure yana tafiya ne da tushen warwatsuwa, kowane `Std. Error` da ke shafin ya gaza gaskiya da ninki 2.06. Ga inda taurarin nan suka fito.

Abu biyu nake jan kunnen ɗalibai a kansu wajen wannan awo. Na farko, kada ka ɗauki `mean` da `var` na ɗanyen ƙirge ka kwatanta su ka ce ka gama bincike. A masaƙar nan matsakaici 28 ne, warwatsuwa 174, amma wani ɓangare na 174 ɗin bambancin ulu ne da na ɗauri, wanda shi ne tsarin ya zo ya bayyana. Abin da ake tambaya shi ne warwatsuwar da ta rage bayan an cire wannan. Na biyu, idan ƙirgenka ƙanana ne, misali matsakaici bai kai biyar ba kamar yawan 'ya'yan akuya ko mace-mace a wata, rabon `Residual deviance` yana iya ɓatar da kai sama ko ƙasa. Yi amfani da na Pearson. Game da iyakar da za a ce ta yi yawa, babu wata lamba da aka saukar. Abin da nake yi shi ne in ɗauki tushen φ in ga ko zai canza abin da zan faɗa. φ na 1.2 yana faɗaɗa mizanin kuskure da kusan kashi goma cikin ɗari kawai. φ na 2 yana faɗaɗa shi da kashi 41, kuma wannan ya isa ya kifar da sakamakon da ke bakin gaɓa.

Da ɗalibar ta ga nata φ ya yi sama sosai, sai ta ce, "To Malam, in koma nagatif bainomiyal ke nan?" Na ce ta dakata. Babban φ alama ce kamar zafin jiki, kuma ba a rubuta magani sai an nemi abin da ya kawo shi. Sau da yawa laifin yana cikin yadda aka gina tsarin. A nata aikin, abu na farko da ya ɓace shi ne yawan jama'ar da kowane asibiti ke yi wa hidima. Asibitin da ke kula da mutum dubu talatin ba zai ƙirga daidai da mai kula da dubu uku ba, ko da haɗarin ɗaya ne. Gyaran shi ne a saka `offset(log(yawan_yara))` a cikin lissafin, sai tsarin ya koma magana kan adadi bisa kowane yaro. Na biyu, ta saka wata a matsayin lamba ɗaya zuwa goma sha biyu, kamar zazzaɓi yana hawa a miƙe daga Janairu zuwa Disamba. Duk wanda ya zauna a Sakkwato ya san ruwa yana sauka ne daga wajen Yuni zuwa Satumba, asibitoci su cika a ƙarshen damina da farkon kaka, sannan abin ya lafa da rani. Layi miƙaƙƙe ba zai kama wannan tudu ba, duk abin da ya kuɓuce masa kuma cikin φ yake taruwa. Na uku, akwai wata guda da aka ƙara sifili a bayan lamba wajen shigarwa, kuma shi kaɗai ya ɗaga awon ba kaɗan ba. Jera ragowar Pearson daga babba zuwa ƙarami, ka koma rajista ka duba biyar na sama.

A masaƙar ma akwai irin wannan. Ulun A a sako-sakon ɗauri yana tsinkewa kusan sau 45, B kuwa 28, amma a matsakaicin ɗauri A ya sauko 24, B yana wajen 29. Wato tasirin ulu ya danganta da ɗauri. Idan ka rubuta `wool * tension`, lambar nan 210.39 takan sauko zuwa 182.31 a kan 48. Ta ragu, amma har yanzu ninki ne na kusan huɗu. Wannan ita ce warwatsuwar da ba gyaran tsari zai kawar ba, kuma a nan ne zaɓi tsakanin hanyoyi biyu yake tasowa. Zan ci gaba da tsarin farko mai sauƙi don lambobin su kwatantu.

```r
m2 <- glm(breaks ~ wool + tension, family = quasipoisson, data = warpbreaks)
library(MASS)
m3 <- glm.nb(breaks ~ wool + tension, data = warpbreaks)
```

Kwasi-Poisson, wanda tushensa aikin Robert Wedderburn ne na 1974, ba ya taɓa ƙiyasinka ko kaɗan. `woolB` yana nan a −0.206. Abin da yake yi shi ne ya ce warwatsuwa φμ ce, wato φ sau matsakaici μ, ya auno φ daga ragowar Pearson, ya ninka kowane mizanin kuskure da tushenta. Sai 0.052 ya koma 0.106, darajar p ta tashi daga 0.00006 zuwa 0.059, tazarar amincewa ta buɗe daga 0.66 zuwa 1.01. Ta haɗiye 1, wato bayanan nan ba su isa su kore yiwuwar cewa ulun biyu ɗaya suke ba. Tasirin ɗauri kuwa ya tsira, domin shi babba ne tun asali: ɗaurin tamau yana da −0.518 da mizanin kuskure 0.132.

Nagatif bainomiyal ya bi ta wata hanya. Yana ɗauka cewa kowane samfuri yana da nasa haɗarin na ɓoye, wani sama wani ƙasa, kuma waɗannan haɗura sun bazu bisa rabon gamma. Idan aka haɗa wannan da Poisson sai warwatsuwa ta zama μ + μ²/θ. Ƙaramin θ yana nufin warwatsuwa mai yawa, babban θ kuma yana mayar da kai Poisson. A masaƙar R ya ba da θ na 9.94, `woolB` ya zama −0.186 da mizanin kuskure 0.101, darajar p 0.065, ninki 0.83, tazara daga 0.68 zuwa 1.01. Hukuncin ɗaya ne da na kwasi, amma ka lura ƙiyasin kansa ya ɗan motsa.

Wannan motsi shi ne zuciyar bambancin, kuma shi ne abin da yawancin masu zaɓe ba sa dubawa. A kwasi, warwatsuwa tana hawa da matsakaici a layi miƙaƙƙe. A nagatif bainomiyal tana hawa da murabba'insa. Ɗauki lambobin masaƙa. Inda ake sa ran 20, kwasi ya ce warwatsuwa 85 ce, ɗayan ya ce 60. Inda ake sa ran 40, kwasi ya ce 170, ɗayan ya ce 201. Suna haɗuwa a wajen 32. Tun da duk hasashen masaƙar yana tsakanin 19 da 40, layukan biyu ba su samu filin rabuwa ba, shi ya sa amsoshin suka zo kusa. Yanzu ka ɗauki waɗannan φ da θ ɗin, don misali kawai, ka kai su inda ƙaramin asibitin ƙauye ke ganin yara 5 a watan Afrilu, babban na gari kuma 500 a Satumba. A 5, kwasi ya ce 21, ɗayan ya ce 7.5. A 500, kwasi ya ce 2,130, ɗayan ya haura 25,000. Tushensu 46 da 160. Ɗaya yana cewa babban asibitin zai riƙa kaiwa da komowa da 'yan gomomi, ɗayan yana cewa da ɗaruruwa.

Daga nan nauyin da kowane tsari ke ba samfura yake fitowa. Kwasi yana ba kowane layi nauyi daidai da girman ƙirgensa, don haka asibitin 500 yana da murya ninki ɗari ta asibitin 5, kuma manyan asibitocin cikin gari su ne za su ja ƙiyasin. A nagatif bainomiyal nauyin μ/(1 + μ/θ) ne, wanda ke hawa da farko sannan ya tsaya bai wuce θ ba. Da θ na 10, asibitin 5 yana da nauyi 3.3, na 500 yana da 9.8, ninki uku kacal. Ƙauyuka sun samu bakin magana. Idan tasirin gidan sauro a gari ya bambanta da na ƙauye, hanyoyin biyu za su ba ka ninki daban, kuma ba don ɗaya ya yi kuskuren lissafi ba.

To yaya za ka san wanne ne ya fi kama da bayananka? Ka tambayi bayanan. Raba hasashen tsarin gida takwas ko goma daga ƙarami zuwa babba, a kowane gida ka lissafa matsakaicin hasashe da matsakaicin murabba'in ragowa, ka zana ɗaya a kan ɗaya. Idan ɗigogin sun bi layi miƙaƙƙe daga tushe, kwasi ne. Idan sun lanƙwasa sama kamar ƙahon sa, nagatif bainomiyal ne. A abin da na saba gani na cututtuka da ƙwari, lanƙwasar ta fi yawa, domin bambancin ɓoye tsakanin wurare yana aiki ne ta ninki: ƙauyen da ke bakin fadama yana ninka haɗari, ba ƙara masa mutum goma yake yi ba. Da samfura kaɗan irin 54 zanen ba zai raba gardama ba, kuma a nan sai ka koma ga tambayar da kake son amsawa.

Idan buƙatarka ninki ne da tazarar amincewarsa, kamar a ce rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina ga yara 'yan wata 3 zuwa 59 ya zo tare da raguwar kashi kaza, kwasi ya wadatar, kuma yana da wata fa'ida da nake daraja ta. Bai yi da'awar sanin cikakken siffar bayananka ba, matsakaici da warwatsuwa kawai ya yi magana a kansu, don haka abin da zai iya kuskurewa kaɗan ne. Ba ya kuma ƙin kammala lissafi. Yana aiki har a inda warwatsuwa ta gaza kima, φ ƙasa da 1, kamar yawan 'ya'yan da jar akuyar Sakkwato ke haifa a ciki ɗaya, wanda kusan kullum ɗaya ne ko biyu, jefi-jefi uku. Nagatif bainomiyal ba zai iya wannan ba, domin μ²/θ ƙari ne kullum. Idan ka tilasta shi, θ zai gudu zuwa dubbai, R ya yi maka gargaɗin `iteration limit reached`.

Farashin wannan sauƙi shi ne kwasi ba cikakken rabo ba ne. A ƙasan sakamakonsa za ka ga `AIC: NA`. Ba za ka iya jera shi da wasu tsare-tsare ta AIC ba, wato awon kwatanta tsare-tsare inda mai ƙaramar lamba ya fi dacewa, kuma idan za ka gwada cire wani abu daga lissafi sai ka yi da `anova(..., test = "F")`. Mafi muhimmanci, ba zai gaya maka yiwuwar wani adadi ba. Jami'ar da ke tsara yawan kayan gwaji da magani da za a kai asibiti kafin Agusta ba matsakaici kaɗai take so ba. Tana so ta san yiwuwar a wuce 300 a wata, domin ranar da aka wuce ɗin ita ce ranar da magani ke yankewa. Wannan tambaya sai nagatif bainomiyal.

Masaƙar ta nuna girman abin. Ga ulun A a sako-sakon ɗauri, Poisson ya yi hasashen 40, kuma a lissafinsa yiwuwar a wuce 50 kusan ɗaya ce cikin ashirin. Nagatif bainomiyal ya ce kusan ɗaya cikin biyar. Ga ainihin ƙirgen tara: 26, 30, 54, 25, 70, 52, 51, 26, 67. Biyar sun wuce 50. Poisson ya yi nisa da gaskiya ƙwarai, ɗayan ya matso amma bai iso ba, kuma dalilin shi ne haɗin ulu da ɗauri da muka bari a waje. Na nuna wa ɗalibar wannan da gangan, don ta ga cewa sauya rabo ba ya gyara matsakaicin da aka fasalta ba daidai ba.

Da yake nagatif bainomiyal cikakken rabo ne, ana iya gwada shi da Poisson kai tsaye. AIC na Poisson 493.06 ne, nasa 408.76, tazarar da ba ta bar wata shakka ba. Stata yana buga irin wannan gwaji da kansa a ƙasan sakamakon `nbreg`, a layin da ke gwada `alpha=0`. A kula, `alpha` na Stata shi ne 1/θ na R, don haka θ na 9.94 zai fito a can kamar 0.10, kuma a can babbar lamba ce ke nufin warwatsuwa mai yawa. Na sha ganin an juya fassarar nan a rubutun ɗalibai. Mai Stata da ke son kwasi zai rubuta `glm` da `family(poisson) scale(x2)`, ko ya yi `poisson` da `vce(robust)`, wanda ke gyara mizanin kuskure ba tare da ɗaukar kowace siffar warwatsuwa ba, amma yana son samfura masu yawa. Masu SPSS kuwa, waɗanda su ne mafi yawa a cikin waɗanda ke zuwa wurina, akwai tarko a gabansu. Zaɓin `Negative binomial with log link` yana kafe ma'aunin warwatsuwar a 1, bai auno shi daga bayananka ba. A masaƙar wannan zai zama ninki goma na abin da ya kamata, tazarar amincewa ta buɗe fiye da kima. Sai ka shiga `Custom`, ka zaɓi rabon a can, ka danna `Estimate value`.

Kuskure ɗaya da ake yi bayan an koma nagatif bainomiyal shi ne a ga `Residual deviance` ta sauko 53.7 a kan 50 a ce tsari ya dace. An auno θ ne daga wannan warwatsuwar, dole rabon ya matso 1. Ba shaida ba ce. Shaidar ita ce ka sa tsarin ya ƙirƙiro bayanai irin naka sau ɗaruruwa, ka ga ko naka na gaskiya sun yi kama da su wajen yawan sifili da girman manyan lambobi. Kunshin `DHARMa` a R yana yin wannan da `simulateResiduals()`.

Maganar sifili ba zan daɗe a kanta ba, duk da ana yawan ruga wa tsare-tsaren rarar sifili irin `zeroinfl()` da zarar an ga sifili da yawa. Yawan sifili shi kaɗai ba hujja ba ne. Inda matsakaici 2 ne, Poisson yana sa ran sifili a kashi 14 cikin ɗari, nagatif bainomiyal mai θ na 0.5 kuwa yana sa ran kusan kashi 45, ba tare da wani ƙari ba. Ka fara kwatanta sifilin da ka gani da wanda tsarinka ya yi hasashe. Sannan ka tambayi kanka ko akwai wata hanya ta daban da ke haifar da su, kamar shanun da aka yi wa wankan maganin kaska makon jiya. A bayanan ɗalibar, wasu sifilin na watan Satumba ne, lokacin da babu yadda za a yi asibiti ya rasa mai zazzaɓi. Da ta bincika, kayan gwaji ne suka ƙare a waɗannan watanni. Wannan ba sifili ba ne, rashin bayani ne, kuma wurinsa `NA`.

Akwai abu guda da duk hanyoyin nan uku ba sa gyarawa, kuma shi ne ya rage mata a ƙarshe. Layukanta ba 'yantattu ba ne: asibiti ɗaya ya bayyana sau goma sha biyu a shekara. Asibitin da ya yi sama a Agusta zai yi sama a Satumba, saboda wurinsa da ma'aikatansa da yadda suke cika rajista. Kwasi da nagatif bainomiyal duka suna ɗaukar kowane layi a matsayin sabuwar shaida, don haka ga abin da ba ya canzawa a asibiti, kamar kusanci da fadama, suna ƙirga shaida ɗaya sau goma sha biyu. Idan asibitoci ashirin ne, shaidarka kan fadama ta fi kusa da ashirin fiye da 240. Gyaran shi ne a ba kowane asibiti nasa matakin, da `(1 | asibiti)` a cikin `glmmTMB` ko `glmer.nb`, ko a Stata a saka `vce(cluster asibiti)`, wanda shi kuma ba ya da tabbas idan asibitocin ba su da yawa.

Abin da ta tsaya a kai shi ne nagatif bainomiyal mai matakin kowane asibiti, da yawan yara a matsayin `offset`, da wata a matsayin rukuni-rukuni. Dalilanta uku ne, kuma ta rubuta su a babin hanyoyin bincike: ƙirgenta ya tashi daga 'yan ɗaiɗaiku zuwa ɗaruruwa, zanen warwatsuwa ya lanƙwasa sama, kuma tana son ta faɗi yiwuwar cunkoso a watannin damina. Na ce ta ajiye sakamakon kwasi a gefe cikin jadawali ɗaya, ta rubuta φ na Poisson ɗin farko a fili, domin mai jarrabawa ya ga abin da ya sa aka bar shi. Damina da fadama sun tsaya da ƙafafunsu. Biyu daga cikin abubuwan da suka zo da taurari a ranar farko tazararsu ta haɗiye 1, ta mayar da su cikin abubuwan da bayananta ba su isa su yanke hukunci a kansu ba.